Sashen About na LinkedIn: tarihin aji ko aikin da za ki yi wa kamfani?

"Shekara 12 ina koyar da lissafi a sakandare nan Sakkwato, yanzu ina neman aikin horas da ma'aikatan kamfani. A sashen About na LinkedIn, in jero tarihin koyarwata ne, ko in rubuta kamar na riga na zama mai horaswa?"

Malama, ga su nan gefe da gefe, ki duba da kanki.

Na farko: "Ni malamar lissafi ce mai shekara 12 a aji. Na yi karatu a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina da rajistar TRCN. Ina da haƙuri da son ci gaban ɗalibai."

Na biyu: "Ina koya wa manya amfani da Excel a wajen aiki. Bara na horas da malamai 30 yadda za su haɗa sakamakon jarrabawa da shi, aikin mako biyu ya koma kwana uku. Shekara 12 da na yi a aji ita ta koya mini tsara darasi da auna ko an gane."

Alƙaluman misali ne, ki sa naki na gaskiya.

Na farkon ba ƙarya a cikinsa, amma shugaban makaranta aka rubuta wa. Jami'in kula da ma'aikata na banki, ko na kamfanin siminti da ke Kalambaina, bai san inda zai ajiye ki ba in ya karanta. Rajistar TRCN izinin koyarwa ce a makaranta, ba ita yake nema ba. Ga shi kuma LinkedIn na ba ki gurbin harafi 2,600, amma layukan farko kaɗai ke fitowa kafin mutum ya latsa ya ga saura. Kin cinye su da sunayen makarantu, alhali akwai sashen karatu daban a ƙasa.

Na biyun ya fi, saboda abu uku sun fito tun farko: wa kika koya wa, me kika koyar, me ya canja. Ki lura malamai aka ambata, ba ɗalibai ba. Shakkar kamfani kan malamin sakandare guda ce: ko zai iya da babban mutum mai iyali wanda ba a tsawata masa, wanda in bai ga amfanin zaman ba sai ya koma kan wayarsa? Don haka ki tono duk inda kika tsaya gaban manya, ko bitar malamai ce, ko ɗaliban koyon koyarwa da aka damƙa miki.

Sai dai kada ki kira kanki ƙwararriyar mai horas da ma'aikatan kamfanoni tun ba ki horas da ko ɗaya ba. A ganawar ɗaukar aiki za a ce ki faɗi kamfanin, nan magana za ta tsaya. In babu horon manya ko guda a tarihinki, ki nemi shugaban makarantarku ya ba ki Asabar biyu da malamai, ki gwada su kafin horon da bayansa, sannan ki rubuta abin da ya fito.