Zirin Kalmomi na Koyar da Babban Baƙi da Aya: Wanne Za Ka Saya?

Kafin ka ciro kuɗin sayen zirin kalmomi, wato dogon yankin kwali da ake rubuta jimla a kai, a shagon masu sayar da kayan makaranta, ka riƙe jimla ɗaya a ranka, ka auna duk abin da aka miƙo maka da ita. Tawa ita ce: "Kaza ta ci ƙwaro." Kalmomi huɗu ne da aya. In ka juya ta, sai ta koma "Ƙwaro kaza ta ci." Dubi abin da ya faru: babban baƙi ya bar kaza ya koma kan ƙwaro, aya kuma ta dawo bayan "ci". Wannan sauyin shi ne darasin gaba ɗaya. Duk zirin da ba zai bar yaro ya yi shi da hannunsa ba, bar shi a shago.

Shi ya sa ba na sha'awar zirin da aka riga aka buga jimla a kai, komai kyan launinsa. Na taɓa amfani da irinsa a aji biyu. Bayan mako guda na ce yara su rubuta "ƙwaro" a allo, sai wata yarinya ta rubuta ta ɗiga mata aya. Na ce, "Me ya kawo aya nan?" Ta ce, "Malam, ai haka ake rubuta ƙwaro." Gaskiyarta, tunda ba ta taɓa ganin kalmar ba sai da ɗigon manne a wutsiyarta. Ga kuma wata matsalar: akwatunan haruffa masu maganaɗisu da ake shigo da su don Turanci aka yi su, ba za ka sami ɓ, ɗ, ƙ a ciki ba, balle Ɓ, Ɗ, Ƙ.

Abin da nake saye shi ne farin kwali mai kauri wanda ba a rubuta komai a kai ba. Falle babba, mai faɗin kusan santimita 60 da tsawon kusan 84, yana ba da ziri 7 in ka yanka kowanne da faɗin santimita 8. A irin wannan faɗin, baƙi mai tsayin santimita 5 yana zama daram, yaron da ke bencin baya ma yana gani. Ka rubuta jimlar a ziri, ka karanta da yara, sannan ka yanka ta da almakashi a gabansu, kalma-kalma. Aya ta samu nata katin ita kaɗai, a ɗiga ta da jar maka, wato alƙalami mai kaurin baki. Kowace kalma kuma a rubuta ta fuska biyu: "kaza" a gaba, "Kaza" a baya.

A nan kauri yake da muhimmanci. Ka ɗauki makarka zuwa shago, ka nemi izini ka ɗiga a gefen falle, ka juya ka ɗaga shi sama wajen haske. In tawada ta fito ta baya, ƙaramin k da babban K za su cakuɗe a idon yaro, rubutun fuska biyu ya lalace ke nan. Takardar rubutu ta yau da kullum ba ta cin wannan gwajin.

To, a rufe shi da leda ko a bar shi haka? In ajinka ya kai yara sittin kuma kowace ƙungiya za ta riƙa juya katunan, ka kai wa masu hoton kwafi su rufe maka, don damina da gumin hannu suna laushe kwali da wuri. Amma ka yanka tukuna kafin a rufe, a bar 'yar leda a kowane gefe. In aka rufe falle ɗungurungum sannan aka yanka, baki yana buɗewa, danshi ya shiga. Ledar tana ƙyalli, don haka kada ka tsaya da katin inda hasken taga ke dukansa.

Wanda aljihunsa bai kai ba, kwalin taliya ko na sabulu ya isa. A manna farar takarda a fuska biyu, a rubuta da baƙar maka. Yana da nauyin tsayawa a bakin allo ba tare da iska ta kwashe shi ba, sai dai gara na son sa, a ajiye shi a leda a rataye a ƙusa.

Abu ɗaya na ƙarshe kafin ka rubuta katunan: kada jimlar farko ta fara da sunan mutum. "Audu ya sha ruwa" za ta ruɗa yara, don Audu ba ya sauke babban baƙinsa ko an mai da shi tsakiya. Ka fara da kaza da ƙwaro, Audu ya jira mako mai zuwa.