Mako guda da rajistar ufw a wani ƙaramin ofishi a Damagaram

Wani ɗan uwana da ke kula da wani ƙaramin ofishi a Sabon Gari ya kira ni in duba masa rezo. Kwamfutocinsu 9 ne, da wata tsohuwa mai Ubuntu da suka mayar saba suna ajiye takardu. Wanda ya haɗa musu tun farko ya sa sabar a DMZ na rutar don a riƙa shiga daga gida, ma'ana duk abin da ya ƙwanƙwasa daga intanet kai tsaye yake zuwa kanta. Katangar tsaron da ke kanta ufw ce, kuma ita na zo in faɗi yadda na same ta wajen aiki ɗaya tak: gano ƙofofin da aka fi tarewa da adireshin da suka fi damun mu.

Abin da ya fara burge ni shi ne tsabtar rajistarta. Kowane fakitin da ta tare ta kuma rubuta layi guda ne a `/var/log/ufw.log`, da alamar `[UFW BLOCK]`, sai `SRC=` inda ya fito, `DST=` inda ya nufa, `PROTO=` irinsa, `DPT=` ƙofar da ya nema. Ban sauke komai ba, ban sayi komai ba. Na ɗauki fayil ɗin makon da ya cika, na buga wannan:

```
sudo zgrep -h 'UFW BLOCK' /var/log/ufw.log.1* \
 | grep -o 'DPT=[0-9]*' | sort | uniq -c | sort -rn | head
```

Kafin shayin da aka ɗora a bakin ƙofa ya tafasa, amsa ta fito. Ƙofa 23 ta Telnet ce a sama da tazara mai yawa, sai 3389 ta shiga Windows daga nesa, sai 8080, sai 2323. Ban yi mamaki ba. Tun 2016 da muguwar manhajar Mirai ta bayyana tana farautar kyamarori da rutoci ta 23 da 2323, ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi bai tsaya ba. Da na musanya `DPT=[0-9]*` da `SRC=[0-9.]*`, sai ga jerin masu bugun ƙofa, kuma wanda ya zo na ɗaya shi ne 192.168.1.1, rutar ofishin da kanta, da layi wajen 1,400.

Ɗan uwan nawa ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Yaya, kenan ɓarawon a cikin gida yake?"

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Layukan duka `DST=224.0.0.1` ne da `PROTO=2`, wato IGMP, tambayar da rutar ke jefawa ga duk na'urorin gida kowane daƙiƙa 125 a tsarin da aka saba. Ba su da `DPT` ko kaɗan, shi ya sa idan ka tara adadin ƙofofi ba zai kai adadin layuka ba. Na cire su na ci gaba.

Inda na daɗe shi ne kan jimilla. Layukan makon 30,100 ne da ɗoriya. Da na raba su kwana-kwana, sai na ga kowace rana wajen 4,300 take ba ni, Juma'a da Lahadi da Talata duk ɗaya, dare da rana babu bambanci. Masu laluben intanet ba sa zuwa a jere haka kamar awon hatsi da tiya. Dalilin yana cikin ufw ɗin kanta: a matakin `low`, wanda da shi take zuwa, tana rubuta layi 3 ne kawai a minti, bayan goman farko da take bari su wuce a tare. Uku sau 60 sau 24 ya ba ka 4,320. Rajistar ta cika maƙil ne, sauran da ta tare ba ta rubuta su ba.

Don in san nawa ke zubewa, na karanta layin farko na wannan umarni sau biyu, awa guda tsakani:

```
sudo iptables -L INPUT -v -n -x | head -1
```

Yana nuna `policy DROP` da adadin fakitin da suka faɗa can. Bambancin ya kai 610, rajista kuwa 180 ta rubuta a wannan awa. Ƙasa da kashi ɗaya cikin uku kenan. Jerin wa ya fi wa yana da amfani har yanzu, 23 ba za ta sauka daga sama ba, amma da na rubuta wa mai ofishi cewa an kawo musu hari sau 30,000 da na faɗi abin da ba haka yake ba. Ban ga laifin iyakar ba, don ba don ita ba mai ambaliya ɗaya zai cika faifan tsohuwar na'ura a dare guda. Abin da ya dame ni shi ne babu layin da ke gaya maka an tsallake wasu, sai ka lura da kanka. Na ɗaga zuwa `sudo ufw logging high` na awa biyu, na ga jerin bai sauya sosai ba, na mayar da shi `low` da sauri saboda fayil ɗin ya fara kumbura.

Abu na biyu ya fi ɓoyuwa. Ƙofa 445, wadda muguwar manhajar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ba ta fito ko sau ɗaya ba. Ba wai ba a nemanta ba ne. A cikin `/etc/ufw/after.rules` an tsara tun asali cewa 137, 138, 139, 445, 67 da 68 a tare su ba tare da an rubuta ba, saboda surutunsu ya yi yawa a rezon cikin gida. A sabar da ke fuskantar intanet kuwa, wannan shiru yana rufe maka ido. Wanda bai buɗe fayil ɗin ba zai ɗauka babu mai taɓa ƙofar.

Daga waje, adireshi ɗaya ya fita daban. Na ware layukansa, na wuce da ƙofofin ta `sort -u | wc -l`, na samu ƙofofi daban-daban sama da 400: mai bi gida-gida ne yana murɗa kowane hannun ƙofa. Na tare shi da `ufw insert 1 deny from` da adireshinsa. Washegari ya ɓace daga rajista, amma ba don ya daina ba, dokar `deny` da ka rubuta da hannunka ba ta barin layi sai ka ƙara mata `log`.

Ƙofa 22 ta SSH, wato ta shiga sabar daga nesa, ita ma ba ta cikin jerin, kuma ita ce ta hana ni barci. A buɗe take, ufw ba ta tare ta, don haka babu ruwan rajistar tarewa da ita. A `/var/log/auth.log` na je na tarar da `Failed password` jere-jere, ana gwada `root` da `admin`. A ranar na kashe shiga da kalmar sirri na bar mabuɗi kaɗai, na cire sabar daga DMZ, na tura ƙofa ɗaya tak daga rutar.

Ga ofishi irin wannan zan sake amfani da ufw ba tare da tunani biyu ba, kuma na bar wa ɗan uwana umarnin a takarda manne jikin allon sabar. Makon da ya biyo bayan cire DMZ, rajistar ta koma wajen layi 700 a rana, kusan duka tambayoyin nan ne na rutar.