Sharhina kan log ɗin UFW, ga masu fara koyo

Na jima ina amfani da UFW a wata ƙaramar saba ta Ubuntu da nake haya, kuma gaskiya wajen saita doka ban ga fayawol mai sauƙinsa ba, amma log ɗinsa ne yake firgita sabon shiga, mutum ya buɗe /var/log/ufw.log ya ga layuka sun cika fuska kowanne da BLOCK sai ya ɗauka an far masa ne. Ga layi ɗaya daga wajena, na rage tsawonsa na kuma canza adireshin:

```
[UFW BLOCK] IN=eth0 OUT= SRC=203.0.113.45 DST=198.51.100.10 TTL=243 ID=54321 PROTO=TCP SPT=51234 DPT=23 WINDOW=65535 SYN
```

Fara da hukuncin da ke gaba, BLOCK, wato fakitin nan bai shiga ba, an yar da shi tun a bakin ƙofa. IN=eth0 da OUT= fayau ba komai na nufin daga waje ya zo kuma sabar kanta yake nema, ba wucewa zai yi ba. SRC adireshin wanda ya aiko, DST nawa ne. Sai dai kar ka yi saurin rantsewa kan SRC ɗin nan, ana iya ƙirƙirarsa na bogi, kuma a layin waya mutane da yawa kan fita intanet da adireshi ɗaya.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne fot guda biyun nan, wato lambobin ƙofa, SPT na mai aikowa da DPT na wajenka. SPT=51234 lamba ce kawai da na'urar mai aikowa ta ɗauko ma kanta, ba ta da wani labari. DPT shi ne abin dubawa don shi ke gaya maka me ake nema a wajenka, 22 SSH ne na shiga saba daga nesa, 443 shafin yanar gizo mai tsaro, 3389 na shiga Windows daga nesa, shi kuma 23 ɗin nan Telnet ne, tsohon abu da ni ban ma kunna ba, irin ƙofar da muguwar manhajar nan Mirai ta riƙa bi a 2016 tana kame kyamarori da rauta masu fasuwod ɗin kamfani. SYN shi kaɗai a ƙarshe kuwa sallama ce ta farko, kamar wanda ke bin layi yana taɓa ƙofar kowane shago ya ji wacce ba a kulle ba, ba ni ya nufa musamman ba. Har ID=54321 ɗin ma alama ce, lambar da manhajar sikanin ZMap ta saba sawa kenan. To a jimlace, wani injin sikanin ne ya nemi Telnet aka hana shi, ba abin da zan yi a kai.

Abin da ya sa nake yabon log ɗin shi ne da ka iya karanta fulag, wato alamomi irin su SYN da ke ƙarshen layi, zai raba maka gaskiya da hayaniya. Wani lokaci za ka ga BLOCK amma da SPT=443, DPT wata babbar lamba, ƙarshen layin kuma ACK FIN ko RST maimakon SYN. Wannan yawanci ba hari ba ne sam, sabarka ce ta je wani shafi da kanta, hira ta ƙare an rufe, sai fakitin ƙarshe ya iso a makare bayan fayawol ya share zancen daga lissafinsa. In ka toshe wannan adireshin don tsoro wallahi kanka ka cuta, wataƙila ma wurin da kake sauke abdet ne.

Iyakarsa kuma dole in faɗa. A matakin rubuta log na low da UFW yake zuwa da shi, abin da ka halatta ba ya fitowa a log, wato in ka buɗe 22 wani yana ta gwada fasuwod a can ba za ka ga komai a nan ba sai ka leƙa /var/log/auth.log, ko ka sa dokar da log a ciki:

```
sudo ufw allow log 22/tcp
```

Sannan yana taƙaita rubutun, layi uku a minti bayan goman farko, don haka kar ka ƙirga layuka ka ce iya fakitin da suka zo kenan. Na gwada high na ɗan lokaci, a saba mai zirga-zirga fayil ɗin kumbura yake da sauri, ni dai shawarata mai koyo ya zauna a low ya ƙara log a kan fot ɗin da ya buɗe da hannunsa kawai.