Ku kula da wani mai rataye talabijin a Gombe

Naira 38,000. Dubu talatin da takwas na tura wa mutumin nan, kuɗin ƙarfen rataya da na aiki, yanzu ga talabijin ɗina mai inci 55 a jingine bayan kujera, gilashi ya tsage tun daga sama har ƙasa.

Kada wani ya ce min ban tambaya ba. Na tambaya! A falona a Tunfure na ce masa, Malam, ramukan bayan talabijin ɗin za su dace da wannan ƙarfen? Ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, wannan kowace iri yana ɗauka, har kilo 45." Har kwali ya nuna min, ga 45 ɗin a rubuce. Wa zai ga rubutu a jikin kwali ya ce ƙarya ne?

Ashe takarda ya manna. Da na ɓare ta bayan talabijin ɗin ya faɗo, a ƙasa an rubuta inci 14 zuwa 32, kilo 10, VESA 200x200. Wannan lambar tazarar ramukan noti huɗu ce da ke bayan talabijin, a milimita, faɗi sannan tsayi. Nawa 400x300 ne, nauyinsa kilo 16, duk suna cikin littafin da talabijin ɗin ya zo da shi. To ta yaya faranti mai 200 zai kai ramukan da ke nesa da juna 400? Ba zai kai ba. Wani fallen ƙarfe ya huda ya gitta a ramukan sama, noti biyu kacal, na ƙasa ya bar su fayau. Lokacin ya aike ni neman tsani wajen maƙwabci, kafin in dawo har ya ɗora. "Kowace iri yana ɗauka." Wallahi har yanzu ina jin muryarsa.

Tun kafin faɗuwar ma hoton ya fara ɗaukewa, domin ya ɗaure wayar HDMI da ta wuta tamau, bai bar musu sarari ba, alhali ƙarfen mai hannu ne da ake janyowa. Kowace juyawa sai wayar ta finciki bakinta. Na kira, ya ce dikoda ce. Wai dikoda!

Bangon kuma bulo ne mai rami a ciki, ya cusa 'yan robobin ƙusa a daidai ramin, babu abin da suka kama. Yaro ya janyo talabijin zai kalli ƙwallo, robobin sama suka zaro da siminti a jikinsu. Allah ya kiyaye bai faɗa masa a ƙafa ba.

Dubu 38, ga asarar talabijin, ya kuma toshe lambata. Hoton kwalin da shaidar tura kuɗin suna nan, zan ɗora su anjima.

Ku auna ramukan da tef da kanku, ku duba kilo, ku ƙirga noti huɗu kafin a ɗaga, kuma kada ku biya sai an gama.