Hayar mota ta shekaru ko saye: wanne ya fi wa mai sana'ar kansa?

"Ni mai haɗa wutar sola ne, kullum ina kan hanya da kaya, kusan kilomita 100 a rana. In ɗauki mota haya ta shekara uku ne, ko in daure in saya?"

Malam, kafin ka dubi kuɗin wata, fara da lissafin tafiyarka. Kilomita 100 sau kwana shida, sau mako 50, ya ba ka 30,000 a shekara. Wannan adadin shi zai raba gardama.

A haya, abin da kake biya shi ne darajar da motar za ta zubar a hannunka, da ribar kamfanin. Mu ƙaddara farashin motar 100 ne, kamfani ya ƙiyasta za ta koma 55 bayan shekara uku. To 45 ɗin nan ake raba maka wata 36, a ɗora riba. Shi ya sa kuɗin wata yake da sauƙi. Amma sun yi ƙiyasin ne bisa iyakar tafiya da aka rubuta a takarda. In an ba ka 15,000 a shekara, kai kuwa kana cin 30,000, ranar mayar da mota za a duba mita a ga rarar kilomita 45,000, kuma kowane ɗaya da kuɗinsa. Sannan a zagaya motar ana duba jikinta: ƙarjewar da tsani ya yi a rufi, kujerar da ruwan batir ya ci, hujin da ka yi don ɗaura karaga. Duk a kanka.

A saye, ko da bashi ne, nauyin farko ya fi yawa, kuma faɗuwar darajar taka ce. Da irin tafiyarka wataƙila 40 za ka samu in ka sayar a shekara ta uku. Sai dai ba mai ƙirga maka kilomita, kuma da ka gama biya, motar na ci gaba da nemo maka kuɗi. Gyara bayan garanti ya ƙare, wannan kam aljihunka ne.

Abin da na fi jiye wa mai sana'ar kansa shi ne watan da aiki ya tsaya. Mai mota zai iya sayarwa ya biya sauran bashi ya huta. Mai haya kuwa in ya ce zai fasa a tsakiya, sau da yawa sai ya biya kaso mai tsoka na watannin da suka rage.

Da mai zuwa ganin kwastoma ne da jaka kawai, tafiya kaɗan, kuɗin shiga tsayayye, da na ce ya yi haya. Kai kam saya, ko da wadda aka ɗan hau shekara biyu ce. In kuma haya ta zame dole, sa a rubuta 30,000 ɗin tun farko, don yawanci ya fi biyan rara a ƙarshe araha.