Wata uku da faiba a shago: in tana nan lafiya lau, amma fa kwana bakwai nake bin su bashi

Tun da na sa intanet ɗin faiba na kamfanin nan a shagona da ke Hotoro mutane ke tambayata ya take, to ga amsa. In tana aiki wallahi ba ni da abin cewa, kwamfuta huɗu na kai, yara na cike fom ɗin makaranta, ga wayoyinmu, ba ta ko tari. Matsalar ita ce ɗaukewa. Naira 30,000 nake biya duk wata, kwana 30, kenan kowace rana dubu ɗaya, kuma ranar da kuɗin ya ƙare ko minti ɗaya ba sa ƙara maka, ƙit suke yankewa.

Watan da ya wuce sau huɗu ta ɗauke. Na farko awa 38, na biyu awa 52, sai wata ta awa 9, ta ƙarshen kuwa awa 71 cur, saura awa ɗaya ta cika kwana uku. In ka haɗa awa 170 kenan, kwana bakwai da ɗoriyar awa biyu. Akwai ma wata rana ta biyar da ban saka a lissafi ba, don wannan adaftar rautata ce ta ƙone da aka kawo wuta da ƙarfi, ba zan ɗora musu abin da ba su yi ba.

Yadda nake gane laifin waye, wani injiniyansu ne ya nuna min ranar da ya zo haɗawa, Allah ya saka masa. A jikin akwatin da suka saka min akwai 'yan fitilu. In PON ta tsaya kore, layi lafiya. In kuwa LOS ta fara ƙyafta ja, to hasken da ke biyo igiyar faibar ne bai iso ba, ko dai an tsinke ta a hanya ko matsala daga wajensu. Matuƙar igiyar cikin ɗakinka ba ta lanƙwashe ko ta zare ba, ko sau ɗari ka kashe ka kunna ba abin da zai canja. Amma duk kiran da na yi sai yarinyar da ke ɗaukar wayarsu ta ce, "Yallaɓai ka kashe rautar ka jira minti biyar." Na ce Hajiya LOS ce fa ke ja, ta ce eh duk da haka dai ka gwada. Ta ƙarshen nan da idona na ga igiyar a yashe a bakin kwalbatin da ake haƙa, mai katafila ya tsinke ta. Na yarda ba su suka tsinke ba, to amma ai ba mai katafila na ba kuɗina ba.

Kuskuren da na tafka shi ne a ta farko waya kawai na buga, aka ce ana kan gyara, na kashe ban karɓi lambar ƙorafi ba. Da na zo neman haƙƙina sai suka ce babu wannan a kwamfutarsu, su daga lokacin da aka buɗe tikiti suke ƙirga, ba daga lokacin da ta ɗauke ba. Daga nan na koyi hankali, da ta yi ja zan ɗauki hoton fitilar, in kira, kuma ba na ajiye waya sai an karanto min lamba na rubuta a bayan littafin bashi.

Saƙon da na tura musu gajere ne. Na sa lambar akawun ɗina, ranakun da awannin, lambobin tikiti uku, hotuna, na ce ko a rage min 7,000 a biyan wata mai zuwa ko a ƙara min kwana bakwai. Ban ma sako 12,000 da na kashe wajen sayen data a waya don kar kwastomomi su gudu ba. Na kuma tuna musu cewa a 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta ba da umarnin in babbar katsewa ta wuce awa 24 a biya masu amfani diyya daidai gwargwado, har da ƙarin kwanaki.

Sai bayan kwana shida suka amsa, wai sun ƙara min kwana uku "saboda kyautatawa". Kyautatawar me? Ko da nasu lissafin, a cire ta farko da ba tikiti, a cire ta awa 9 da suka ce ba ta kai kwana ba, 52 da 71 ai awa 123 ne, kwana biyar da awa uku. Na mayar musu da wannan lissafin, na ce ina jira zuwa Juma'a, in shiru zan kira 622, layin ƙorafin NCC na kyauta, su ma can lambar tikitin kamfanin za su fara tambaya, kuma ina da su a rubuce.

Tauraro biyu na ba su. Biyan wata mai zuwa ya rage kwana tara, ban tura ba tukuna.