Mai tsini, mai kauri ko mai tudu: yadda ake kwatanta takalmin biki

"'Yan uwa, zan yi odar takalmin biki ta waya, lamba 39. Mai sayarwa ta ce mai tsini nake so ko mai tudu. Mene ne bambancinsu, kuma me zan ce mata?"

'Yar uwa, fara da dunduniya, don nan ake yawan samun saɓani. Mai tsini, wanda ake kira ƙwas-ƙwas, dunduniyarsa siririya ce, da ƙarfe a ciki da ɗan danƙo a ƙarshe. Yana da kyau a kan tayil, amma a filin da aka kafa rumfa nitsewa zai yi cikin ƙasa. Idan ɗan danƙon ya cinye za ki ji ƙarar ƙarfe, sai a kai wa shumeka ya canza kafin fatar dunduniyar ta kwailaye. Mai kaurin dunduniya tsayinsa na iya zama ɗaya da na mai tsini, sai dai gindinsa da faɗi, ba ya yawan gurɗe ƙafa. Shi kuwa mai tudu, ƙasansa a cike yake tun daga dunduniya har gaba, babu rami a tsakiya. Ya fi su daɗin tsayuwa, amma da nauyi, kuma ba ya lanƙwasuwa.

Kada ki tambayi tsayin baya kaɗai. Dunduniya inci 4 da tudun gaba inci 1, gangaren da ƙafarki za ta ji inci 3 ne. Wani mai inci 4 ɗin da gabansa ke shimfiɗe a ƙasa, yawancin nauyinki kan tushen yatsu zai sauka. A ganina, mai yinin biki a tsaye kada ta wuce gangaren inci 3.

Sai baki. A nan ma ana cewa tsini, don haka ki fayyace: tsinin baki ko tsinin dunduniya. Baki mai tsini yana matse babban yatsa da ƙaramin, ƙarshensa kuma fanko ne, shi ya sa 39 ɗinsa kan kama mai faɗin ƙafa. Zagayayyen baki da mai kusurwa huɗu sun fi barin yatsu su sake. In buɗaɗɗe ne, ki ce ko mai hanci ne irin na silifa, ko mai fata a gicciye.

Ƙasan takalmi kuma, mai santsi yana zamewa a jiƙaƙƙen tayil, na danƙo mai zane yana kama ƙasa. Ki tambaya ɗinki ne ko gam, domin na gam kan ɓamɓare daga baki in ya sha ruwa da zafi.

Dogon takalmi marar maɗauri yatsu ne ke riƙe shi, su gaji da wuri. In filin ƙasa ne, ki rubuta mata: "39, mai kaurin dunduniya inci 3, zagayayyen baki, ƙasan danƙo, da maɗauri a idon sawu." Ki kuma nemi hotonsa ta gefe da na ƙasansa kafin ki tura kuɗi.